Masu Tuni da Waɗanda Ake Tuna wa: Ire-iren Mutane a Kan Tarar Jinkirin Biya

Tarar jinkiri sharaɗi ne da mai kaya ko mai aiki yake sawa a yarjejeniyarsa da abokin ciniki, cewa idan wa'adin biya ya wuce ba a biya ba, za a ɗora wani abu sananne a kan cikon kuɗin. Ranar sa hannu babu wanda yake damuwa da wannan sharaɗi. Ana raha, ana shan lemo, mai saye yana rantsuwa cewa shi ba ya kwana da kuɗin mutane. Wahalar tana zuwa ne ranar da za a tuna masa, domin a kunnen mafi yawan jama'a, a ce wa mutum akwai tara a kansa daidai yake da a kira shi mai taurin bashi a gaban surukansa. Mai kaya kuwa abu biyu yake so a lokaci guda: kuɗinsa su shigo, kwastomansa kuma ya dawo baɗi.

Misali ɗaya zai isa a bi maganar da shi har ƙarshe. A ɗauka wata maɗaba'a a Kano ta buga wa makarantar kuɗi ta wata Hajiya littattafan rubutu da katin jarrabawa na naira 1,800,000. Makaranta ta ba da kafin alƙalami naira 600,000, saura ciko naira 1,200,000. An kai kaya ranar 1 ga Satumba, an rubuta cewa za a biya cikin kwana 30, wato ranar 1 ga Oktoba. Sharaɗi na shida ya ce akwai kwana bakwai na alfarma bayan wa'adi, idan suka wuce sai tarar kashi biyu cikin ɗari a wata ta fara hawa kan abin da ya rage, ana lissafa ta kwana-kwana. Kashi biyu cikin ɗari na 1,200,000 naira 24,000 ne a wata, wato naira 800 a rana. Idan makaranta ta biya 700,000 kafin 8 ga Oktoba, tarar za ta hau kan 500,000 ne kawai, ta koma 10,000 a wata. Ba a ɗora tara a kan tara, sai fa idan an rubuta haka tun farko, kuma wanda ya rubuta haka ya fara neman sabon kwastoma.

Abin da yake sa tuni ya yi kama da faɗa, sau da yawa, lokacinsa ne. Idan aka fara ambaton tara bayan ta riga ta hau, mai saurare zai ji ta a matsayin hukunci. Idan aka ambace ta tun ba ta hau ba, zai ji ta a matsayin labari mai amfani daga wanda ba ya so ya yi asara. Saboda haka saƙon farko yakan fita mako guda kafin wa'adi, ga kuma yadda yake kasancewa:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Da fatan an shiga zango lafiya, ya yara da malamai? Muna tuna muku cewa cikon kuɗin littattafan, naira 1,200,000, wa'adinsa 1 ga Oktoba ne. Kamar yadda muka rubuta a sharaɗi na shida, idan ya wuce 8 ga wata tara za ta fara hawa, naira 800 a kowace rana, mu kuwa ba ma so ta kai ga haka. Ga lambar asusun a ƙasa. Idan akwai wata matsala a sanar da mu kafin ranar, mu zauna mu duba. Allah Ya ƙara buɗi."

A cikin wannan ɗan saƙo akwai gaisuwa daidai gwargwado, akwai adadin kuɗi, akwai rana, akwai lambar sharaɗin, kuma an ce "muka rubuta" domin hannu biyu ne a kan takardar. An faɗi tarar da nairori, saboda kashi biyu cikin ɗari ba ya tayar wa kowa da hankali sai ya koma 800 a rana. An bar ƙofa a buɗe ga wanda yake da uzuri. Babu kalma ko ɗaya a kan halin Hajiya. Saƙo na biyu yakan biyo baya washegarin wa'adi, gajere, mai cewa kuɗin ba su shigo ba tukuna kuma kwanakin alfarma sun fara. Kwana biyu kafin alfarmar ta ƙare sai a buga waya, domin murya tana sassauta abin da rubutu yake tsanantawa, sannan a bi wayar da saƙon da ya taƙaita abin da aka yi magana. Idan duk wannan ya wuce, sai sabuwar takardar neman biya ta fita, asalin kuɗi a layinsa, tara a nata layin, da lissafinta a fili. Tsarin ke nan, kuma ba shi da wuya. Abin da yake da wuya shi ne samun ɗan Adam da zai bi shi yadda yake, domin masu tuni iri-iri ne.

Mafi yawa a cikinsu shi ne mai kunya. Wannan bawan Allah shi ya nemi a sa sharaɗin, har ya biya wani ya tsara masa kalmominsa, amma bakinsa ba ya iya furta shi. Yakan rubuta saƙo, ya goge, ya sake rubutawa, daga ƙarshe ya aika da "Juma'at Mubarak" da hoton fure. Idan ya haɗu da wanda yake bi bashi a wurin ɗaurin aure, shi ne yake sauya hanya, har wanda bai sani ba ya ɗauka shi ake bi. A gida kuwa jarumi ne, iyalinsa sun haddace sharaɗi na shida saboda yawan jinsa da daddare. Illar da yake yi wa kansa tana da girma, domin shiru na wata uku yana koya wa kwastoma cewa sharaɗin ado ne, kuma ranar da zai tayar da maganar za a ce masa ai ba a taɓa jin ta daga bakinsa ba.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne mai doguwar gaisuwa. Shi yana buga wayar, a ba shi wannan. Zai tambayi gida, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi jikin Baba, ya yi jajen mutuwar da aka yi bara, ya taɓo tsadar man fetur da zafin gari, ya koma kan jikin Baba. Minti ashirin ta wuce, sai ya ce, "To, Hajiya, dama gaisuwa ce kawai." Ya kashe waya yana ganin ai ta gane. Ta gane kuwa, ta gane cewa babu gaggawa. Gaisuwa wajibi ce a ƙasar Hausa, kuma saƙon da ya faɗo kan adadi ba sallama rashin ladabi ne ko da lissafinsa daidai yake. Amma idan ta wuce jimla biyu ko uku, takan cinye maganar da aka zo da ita.

Sai mai habaici, wanda wayar zamani ta ba shi filin da kakanninsa ba su samu ba. Ba ya tura wa kwastoma komai. Yana zuwa shafinsa na WhatsApp ne ya liƙa magana a kan masu cin amana da waɗanda suke zuwa Umara da kuɗin mutane, sannan ya zauna yana duba jerin waɗanda suka gani. Mutum arba'in za su karanta, goma da ba su da laifi za su tsargu, wani ma ya daina sayayya a wurinsa, ita kuwa wadda aka yi dominta za ta danna masa alamar hannu biyu na addu'a ta ƙara da "Allah Ya shirye su". Habaici ba shi da adadi, ba shi da rana, ba shi da lambar asusu, don haka ko wanda ya ji haushi ya so biya bai san nawa zai tura ba.

A ɗaya gefen akwai lauyan gida. Bai taɓa shiga ajin koyon shari'a ba, amma ya taɓa karanta wata wasiƙar lauya kuma ta burge shi. Kwana ɗaya da wucewar wa'adi, tun alfarma ba ta yi nisa ba, sai ga saƙonsa da manyan baƙaƙe, da Turanci ko da kuwa duk cinikin da Hausa aka yi shi, yana cewa wannan ne gargaɗi na ƙarshe kuma za a ɗauki mataki ba tare da wata sanarwa ba. Matsalarsa ita ce ya fara da abin da ake ƙarewa da shi. Wanda ya yi gargaɗin ƙarshe ranar farko ba shi da abin faɗa a rana ta biyu, shi ya sa ake samun kwastoma mai gargaɗin ƙarshe guda biyar a wayarsa, yana nuna wa abokai suna dariya. Wani daga cikin irinsa yakan zarce ya ce zai turo 'yan sanda. Wannan kuwa kuskure ne har a doka: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko wata rigimar da ba ta laifi ba, kuma kotunan Najeriya sun sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. Wanda ya sa aka tsare kwastomansa a kan ciko yana iya wayar gari shi ake nema da diyya.

Mai wa'azi shi ma yana da gurbinsa. Da zarar an yi jinkiri sai ya tura hadisin da ya nuna cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, ya biyo da faifan wani malami a kan makomar wanda ya mutu da haƙƙin mutane. Maganar gaskiya ce, amma an harba ta ne kafin a san ko Hajiya mai hali ce a wannan makon, kuma babu wanda yake jin daɗin a yi masa ta'aziyyar kansa saboda kwana uku. Abin da yakan biyo baya shi ne a mayar masa da aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa wanda yake cikin matsi, sai cinikin littattafai ya koma muƙabala.

Akwai kuma mai laɓewa a bayan akanta, wanda maganarsa kullum ita ce, "Wallahi Hajiya ni ba ruwana, akanta ne ya matsa." Idan maɗaba'ar tana da akanta da gaske, kuma an san kowa ake yi wa haka, wannan hanya tana da amfani, domin tana raba mutum da ƙa'ida. Amma idan Hajiya ta san cewa ma'aikatan wurin su ne shi da ƙaninsa da injin, to ya nuna mata ne cewa shi kansa bai yarda da sharaɗin ba, kuma amsarta a shirye take: "To ai sai ka yi masa magana."

Na ƙarshe a wannan sahu shi ne mai tara wa ciki, wanda sau da yawa mai kunya ne da ya tsufa. Yakan yi wata huɗu bai ce uffan ba, ranar da kuɗin takarda ya tashi ko mai gidan haya ya zo masa, sai ya fashe. Saƙon murya na minti tara, ya haɗa tara da gorin rangwamen da ya yi shekara uku da suka wuce da maganar cewa dama an faɗa masa halinta. Magana zarar bunu ce. Yakan karɓi kuɗinsa wani lokaci, amma littattafan zango na gaba wata maɗaba'ar ce za ta buga su.

Waɗanda ake tuna wa su ma ba su zama ɗaya ba, kuma rabin gwanintar tuni shi ne gane wane iri ne a gaban mutum kafin a zaɓi murya. Mai mantuwa na gaskiya ya fi kowa sauƙi, ya kuma fi yawa fiye da yadda masu bin bashi suke zato. Alamarsa ita ce amsa da sauri da "Subhanallah, wallahi na sha'afa", sai alat ya biyo baya kafin la'asar. Shi ne hujja mafi ƙarfi ta fara tuni da tattausar murya, domin wanda ya far masa da faɗa ya ɓata da mutumin kirki a banza.

Mai ogan da ba ya gari ya fi wuyar sha'ani. A wurinsa kuɗin suna nan, takarda ma an shirya, sa hannu kawai ake jira, shi kuwa mai sa hannun kullum yana Abuja, idan ya dawo daga Abuja kuma ya shiga taro. A ma'aikatu da manyan makarantu wannan yakan zama gaskiya, saboda takardar biya sai ta bi ta tebur uku ko huɗu. Hanyar ganewa ita ce tambaya mai neman amsa takamaimai: takardar tana teburin wa yanzu, wace rana ce ake fitar da kuɗi, akwai wata takarda da ta rage daga wurinmu? Mai gaskiya zai amsa, har ma ya ce ai an rasa takardar shaidar karɓar kaya ne, a kawo wata. Mai kwana-kwana kuwa zai ce insha Allahu cikin satin nan, kuma satin nan nasa ba shi da Juma'a. A irin wannan wuri tuni yana zuwa ne ga wanda yake biya, da kwafi ga wanda ya sa hannu a yarjejeniya, kuma ambaton 800 a rana taimako ne ga ƙaramin ma'aikaci, domin ya samu abin da zai nuna wa oga.

Mai netwok ɗan zamani ne. Ya tura tun jiya, an ma cire masa, banki ne ya riƙe. Yakan haɗa da hoton rasit wanda adadinsa ya fito ras amma kwanan watan ya ɗan dushe. Ba a ƙaryata shi, domin tura kuɗi yana maƙalewa da gaske. Ana gode masa, a ce kuɗin ba su bayyana a asusu ba tukuna, a nemi lambar shaidar turawar domin a bi sawu a banki, a kuma ƙara da cewa idan ta tabbata ranar da ya faɗa ya tura, ba za a lissafa masa kwanakin da suka biyo baya ba. Mai gaskiya zai turo lambar nan take. Ɗayan kuma yakan gano cewa kuɗin sun dawo masa.

Mai mamaki yakan buɗe baki ya ce, "Tara kuma? Yaushe muka yi haka?" Musu da shi ɓata lokaci ne. Hoton shafin da sa hannunsa, tare da jimla ɗaya mai ladabi, ya isa. Amma a nan dole mai kaya ya duba kansa tukuna, domin wani lokaci mai mamakin ne yake da gaskiya. Idan sharaɗin bai shiga yarjejeniyar farko ba, sai daga baya aka maƙala shi da ƙananan baƙaƙe a gindin takardar neman biya bayan an kai kaya, to ba a yi yarjejeniya a kansa ba, kuma babu kalma mai daɗin da za ta mayar da shi abin da aka amince da shi. Haka nan idan tarar ta wuce hankali, kamar a ce kashi ashirin cikin ɗari a mako, kotunan da suke bin tsarin shari'ar da aka gada daga Ingila sukan bambanta tsakanin kimanta asarar gaskiya da kuma sharaɗin da aka sa don tsoratarwa, su ƙi tilasta na biyun.

Kusa da shi akwai mai ganin aibu a makare. Littattafan da aka karɓa da yabo a Satumba, har an raba wa yara sun cika rabinsu da rubutu, ranar da aka ambaci tara sai a tuna cewa launin bangon bai fito sosai ba. Ana saurarensa, a nemi ya ware waɗanda suke da aibu a zo a gani, a kuma roƙe shi ya biya abin da babu gardama a kansa. Idan littattafan naira 100,000 ne ake ƙorafi a kansu, babu dalilin da zai sa 1,100,000 su zauna jiran launi.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne malamin rana ɗaya. Ranar sa hannu bai ga komai ba, bashin banki ma yana da shi, amma da aka tuna masa da 24,000 sai ilimi ya sauko masa, ya ce ai wannan riba ce, shi kuwa ba zai jefa ɗan'uwansa Musulmi cikin cin haram ba. Abin dariyar yana ga lokacin da ya zaɓa, ita kuwa maganar tana da tushe mai ƙarfi. Jumhurun malamai suna ganin ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ne ko da an amince da shi tun farko. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta sharaɗin tara a kan ɗan kwangilar da ya jinkirta aiki, amma ta hana shi a kan wanda ake bi kuɗi. A misalin nan, ke nan, makaranta tana iya sa wa maɗaba'a tara idan ta makara da littattafai, ita kuwa maɗaba'a ba za ta ci ƙari a kan ciko ba. Mafitar da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suke bi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ita ce kwastoma ya ɗaukar wa kansa cewa idan ya yi jinkiri zai fitar da wani adadi da za a ba da sadaka, ba ya shiga ribar mai bin bashi. Mai kayan da ya tsara sharaɗinsa haka tun farko ya sami jimla mafi sanyi da za a iya sawa a saƙon tuni: "Hajiya, kin san tarar ba aljihunmu za ta shiga ba, gidan marayu za ta, mu asalin kuɗinmu kawai muke jira." Wanda bai tsara haka ba, aka kuma tayar masa da maganar, gara ya bar jayayya a waya, ya amince a mayar da tarar sadaka ko a tambayi malamin da su biyun suka yarda da shi, ya kuma tuna wa sabon malamin cikin ladabi cewa asalin 1,200,000 ɗin babu saɓanin malamai a kansa.

Sai mai matsi na gaskiya. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, kuma makarantar da iyaye ba su biya kuɗin zango ba ba ta da inda za ta samo. Ana gane shi da cewa shi yake fara kira, yana faɗin abin da zai iya da ranar da zai iya, kuma yakan kawo wani abu a hannu ko da kaɗan ne. Da irinsa ake zama a raba cikon, misali 400,000 a ƙarshen kowane wata har sau uku, a rubuta, a kuma bayyana matsayin tarar: an dakatar da ita muddin ana cika sabon alkawari. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi take, don haka neman a rubuta sabon tsari ba rashin yarda ba ne da za a ji kunyarsa.

Babban mutum nasa salon daban ne. Ba ya musu, ba ya uzuri, dariya kawai yake yi ya ce, "Haba ɗana, ni za ka yi wa tara? Ai da mahaifinka muka taso." Saƙon waya ba ya aiki a kansa, yana iya ma ɗaukarsa raini. Ana zuwa ne da ƙafa, a durƙusa a gaisa, a ce "Ranka ya daɗe, takardar nan ce aka ce in kawo maka ka gani da idonka kafin ranar ta yi", a ajiye ta, a bar masa girman ya zama shi ya ga dama ya biya. Idan abin ya ƙi, a nemi wanda yake jin nauyinsa, abokinsa ko wanda ya haɗa cinikin tun farko, ya yi maganar a keɓe.

Yafe tara halal ne kuma sau da yawa dabara ce, musamman ga wanda bai saba jinkiri ba, amma yafewa tana da yadda ake yin ta. Wanda ya yi shiru ya karɓi asalin kuɗi bai yafe komai ba, ya dai nuna cewa sharaɗin ba shi da haƙora. Ana rubuta tarar a takarda, a ce ta kwana 15 ce, naira 12,000, sannan a rubuta a ƙasa cewa an yafe ta a wannan karon saboda daɗewar hulɗa, sharaɗin kuwa yana nan a cinikin gaba. Ta haka kwastoma ya ga abin da aka bar masa, ya kuma san ba kullum ba ne. Ga wanda jinkiri ya zame masa ɗabi'a, abin da ya fi tara tasiri shi ne a daina ba shi kaya bashi, ko a ɗaga kafin alƙalami daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi.

Idan tuni uku ko huɗu suka wuce babu kuɗi babu magana, sai a fitar da wasiƙar neman biya ta ƙarshe, wadda take ta ƙarshe da gaske: tarihin cinikin da ranakunsa, asalin kuɗi, tara, wa'adin kwana bakwai ko goma sha huɗu, da matakin da zai biyo baya, duk cikin muryar da aka fara da ita. Legas ta buɗe kotunan ƙananan ƙararrakin kuɗi a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, kuma ana buƙatar a nuna an aika da wasiƙar neman biya kafin a shigar da ƙara, mutum kuma yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar karɓar saƙonnin waya da na kwamfuta a matsayin hujja idan an cika sharuɗɗansa, saboda haka kowane saƙon tuni ana adana shi da kwanan watansa tare da amsar da aka bayar. Saƙonnin mai habaici da faifan minti tara na mai tara wa ciki su ma ana iya gabatar da su a gaban alƙali, sai dai ɗaya ɓangaren ne yakan kawo su.